Ciwon gut a babban yatsan ƙafa: abin da ke tada shi da yadda ake hana shi dawowa

Ciwon da likitoci ke kira gut yakan faɗo ne cikin dare. Gindin babban yatsan ƙafa ya kumbura, ya yi zafi zau, har mutum bai jure taɓin mayafi. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai ya lafa, a ɗauka an warke.

Tushensa wani gishiri ne da ke cikin jini, asid urik. Ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari. In ta kasa fitar da shi yadda ya kamata, sai ya taru a gaɓa, ya daskare kamar ƙananan allurai.

Mu ɗauki misalin manomin albasa a fadamar Tarka, ɗan shekara 50, mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari. Ranar layya ya ci hanta da ƙoda, ya kora da lemun kwalba, kashegari ya wuni cikin rana bai sha ruwa sosai ba. Kowane ɗayan waɗannan yana ƙara gishirin a jini. Da suka haɗu, sai yatsa ya tashi. Giya ma tana tada shi.

In ya tashi, a huta, a ɗaga ƙafar, a ɗora sanyi, kada a bari a sassaga wurin. Likita kan ba da kolshisin, kuma ya fi aiki cikin awa 12 na farko. Diklofenak na ƴan tebur yana rage zafi, amma yana ɓata ƙoda da ciki. In akwai zazzaɓi, ko miki, ko ciwon suga, a tafi asibiti a ranar, don ƙwayar cuta a gaɓa tana kama da gut.

Rage kayan ciki da yawan shan ruwa suna taimakawa, amma ba su isa ba ga wanda ciwon ke tasar masa sau 2 ko fiye a shekara. Shi sai alofurinol. Yawanci ana farawa da miligiram 100 a rana, ana ƙarawa sannu, har awon jini ya nuna ƙasa da miligiram 60 a lita. Kullum ake sha, shekara da shekaru. A watannin farko ciwon na iya tashi. Wannan ba dalilin dainawa ba ne. Amma in ƙuraje suka feso a jiki, a tsaya nan take a ga likita.

A nemi awon a asibitin Madawa, Buza ko Keita, mako 2 bayan ciwon ya lafa, don lokacin tashinsa awon kan nuna lafiya lau. Ƴan'uwanmu na Abijan da Legas, kafin ku aiko wa tsoho magani, ku fara aiko kuɗin awon jini da na ƙoda. Allah ya ba mu lafiya.