Tazarar Narkewa a Matsayin Gwajin Tsantsar Takin Yuriya: Nazari Kan Buƙatar Manoman Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta duba iyakar abin da gwajin narkewa zai iya tonawa game da algus a takin yuriya. Lissafi ya nuna cewa gwajin yana saurin kama danshi, yana da rauni wajen kama bayuret, yashi kuwa ba ya canza masa komai.

Gabatarwa

Noman masara a Doguwa da Tudun Wada, da na shinkafa a Kiru da Bebeji inda madatsar ruwa ta Tiga take, ya dogara matuƙa ga yuriya, takin da kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne. Tun 2019 Nijeriya take da dokar kula da ingancin taki, amma cikakken awon naitirojin yana buƙatar kayan aiki masu tsada. Gwajin narkewa kuwa ɗakin gwajin makarantar sakandare zai iya yin sa. Abin da ya rage shi ne a san inda za a dogara da shi.

Tushen Nazari

Tsantsar yuriya tana narkewa a kusan digiri 133 na ma'aunin Salshiyas, kuma tazarar da ke tsakanin bayyanar ɗigon farko da narkewar ƙwayar ƙarshe ba ta wuce digiri 1 zuwa 2. Idan akwai baƙon sinadarin da ke narkewa cikin ruwan yuriyar, sai narkewa ta fara da wuri. Ruwan farko shi ke kwashe baƙon sinadarin. Yayin da ƙarin yuriya ke narkewa tana tsinka shi, sai an ƙara zafi kafin ragowar ta narke. Shi ya sa zafin yake sauka, tazarar kuma take faɗaɗa. Ana ƙiyasta saukar zafin ƙarshe da wannan ƙa'ida:

ΔT = RT²x / ΔH

A nan T digiri 406 ne a ma'aunin Kelbin, R shi ne 8.314, ΔH zafin da mol ɗaya ke sha kafin ya narke, kimanin jul 14,000, x kuma kason ƙwayoyin baƙon sinadarin. Ke nan duk baƙuwar ƙwaya ɗaya cikin ɗari tana sauko da zafin da kusan digiri 1.

Hanyar Gwaji

Ana niƙe takin ya yi laushi, a busar da shi a rufaffen mazubi mai tsotse danshi, sannan a dura milimita 2 zuwa 3 a siririn bututun gilashi. Daga digiri 120 sai a rage wuta, zafin ya riƙa hawa digiri 1 zuwa 2 a minti. Gaggawa tana sa ma'aunin zafi da samfurin su saɓa, tazarar ta fito da faɗin da ba nata ba. Ba a maimaita gwaji da samfurin da ya riga ya narke, domin yuriya tana fara rikiɗewa zuwa bayuret da zarar ta wuce zafin narkewarta.

Sakamako da Tattaunawa

A ɗauki giram 100 na taki mai ɗauke da giram 1 na baƙon abu. Yuriyar giram 99 ta kai mol 1.65, tunda nauyin mol ɗinta giram 60 ne. Idan baƙon ruwa ne, mai nauyin mol 18, x zai zama 0.033, zafin ya sauka da kusan digiri 3. Idan bayuret ne, mai nauyin mol 103, x bai wuce 0.006 ba, saukar kuma digiri 0.6 kacal, abin da ma'aunin gilashi da ƙyar zai rarrabe. Dalili shi ne gwajin adadin ƙwayoyi yake ji, ba nauyinsu ba. Saboda haka buhun da ya sha danshin damina a rumbu zai yi kama da gurɓatacce muddin ba a busar da samfurin ba, alhali bayuret, mai ƙona ganye idan ya yi yawa a feshi, zai iya wucewa ba a lura ba.

Lamarin yashi ya fi haka tsanani, domin ba ya narkewa cikin ruwan yuriya. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Idan aka maye gurbin kilo 5 da farin yashi, naitirojin ya koma kilo 20.7, amma yuriyar za ta narke a digiri 133 kamar ba a taɓa ta ba. Alamar kawai ita ce tsakuwoyin da za su rage a gindin bututun.

Kammalawa

Faɗaɗɗiyar tazara a busasshen samfur hujja ce ta gauraye, amma matsattsiyar tazara ba ta wanke taki daga algus. Muna ba malaman gona da ƙungiyoyin manoman yankin shawarar haɗa gwajin da jiƙa cokali ɗaya na takin a kofin ruwa: yuriya za ta narke ƙaf, yashi ya kwanta a ƙasa. Samfurin da ya faɗi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu a tura shi awon naitirojin kafin a zargi dillali.