Yadda matafiyi ke rasa kwana guda, ko ya samu ƙari

1/ Wani ɗalibina a Gaya ya tambaye ni: "Malam, wai da gaske akwai ƙasar da aka kwanta Alhamis aka wayi gari Asabar?" Na ce masa da gaske ne. Ku biyo ni, amma daga gida za mu faro.

2/ Da azumi, in rana ta faɗi a Gaya ko Ajingi, mutumin birnin Kano sai ya ƙara jira kusan minti 2, don muna gabas da shi da kamar rabin digiri. Na Maiduguri kuwa ya riga Kano shan ruwa da wajen minti 18. Ƙa'idar ita ce: digiri ɗaya, minti 4.

3/ To a ce ka bar Ajingi ka miƙa yamma, kullum kana cin digiri ɗaya. Kowace rana magariba za ta makara maka da minti 4, ba ma za ka lura ba. Kafin ka zagayo duniya ka ci digiri 360. Sau 4, minti 1,440 ke nan, awa 24 cif. Mutanen gida sun fi ka ƙirga faɗuwar rana da guda ɗaya.

4/ Abul Fida, sarkin Hama a ƙasar Sham, wanda ya rasu a 1331, ya hango haka tun kafin wani ya zagaya duniya. A littafinsa Taƙwimul Buldan ya nuna cewa wanda ya zagayo ta yamma lissafinsa zai gaza da kwana ɗaya, na gabas kuma nasa zai zarce da kwana ɗaya.

5/ Sai ga shi ta faru. Jiragen ruwa 5 na ayarin Magellan sun bar Sifaniya a 1519, suka yi ta yamma. A Yulin 1522 jirgin da ya rage, Victoria, ya tsaya a tsibiran Cape Verde neman abinci. Antonio Pigafetta, mai rubuta kowace rana ba fashi, lissafinsa Laraba ce. Mutanen gari suka ce yau Alhamis.

6/ Bai yi kuskure ba, su ma ba su yi ba. Kwanan ya zurare ne kaɗan-kaɗan a hanya.

7/ Maganin shi ne a sami wuri guda inda za a riƙa gyara kwanan wata. A 1884 taron Washington ya ɗauki Greenwich a matsayin digiri 0. Bayansa, digiri 180, ya faɗo tsakiyar tekun Pasifik, inda mutane ba su da yawa. Can layin kwanan wata ya zauna.

8/ Yadda yake aiki: in ka tsallaka shi ta yamma, daga Amurka zuwa Asiya, ka tsallake kwana guda. In ka tsallaka ta gabas, ka maimaita kwanan.

9/ Misali a watan Yuni. Agogon Auckland na gaba da na Honolulu da awa 22. Ka yi sallar Juma'a a Auckland, ka hau jirgi ƙarfe 10 na dare. Tafiyar kamar awa 9 ce. A agogon hannunka Asabar ce, 7 na safe. Cire awa 22: ka sauka ranar Juma'a, 9 na safe. Ga wata Juma'ar na jiranka.

10/ Layin ba miƙaƙƙe ba ne, kuma babu wata yarjejeniyar da ta kafa shi. Kowace ƙasa ita ke zaɓen ɓangaren da za ta zauna. Samoa ce shaida, don sau biyu ta yi ƙaura ba tare da ta motsa ba.

11/ A 1892 ta koma ɓangaren Amurka saboda fatake, ta yi 4 ga Yuli sau biyu. Daga baya cinikinta ya karkata Ostireliya da New Zealand. Juma'arta Asabar ce a can, Litinin ɗinsu Lahadinta ce: kwanan aiki 4 kaɗai suke haɗuwa a mako.

12/ Don haka daga daren Alhamis 29 ga Disamba 2011 suka faɗa Asabar 31. Juma'a 30 ga wata ba a yi ta ba sam a Samoa. Amsar ɗalibina ke nan.

13/ Kada dai a ruɗe: ba a ƙara wa kowa tsawon rai, ba a rage masa. Sunan ranar ne ya canja. Amma suna na da nauyi. Tikiti da biza da kwanan wurin da ka sauka suke aiki, ba da na agogonka ba. Mai azumin da ya tsallaka kuwa zai ga ƙirgarsa ta saɓa da ta mutanen gari. Hukuncin wannan na malaman fiƙihu ne.

14/ Nawa dai lissafi ne. In an kira magariba a Gaya yau, ku tuna mutumin Sabon Gari na da sauran minti 2. Su ne in suka taru suke zama kwana.