Yadda ake bambance jumla ismiyya da jumla fi'iliyya

Tambaya: Ina koyon nahawu. Me ya sa ake cewa "jalasal mu'allimuna", amma idan aka juya sai a ce "almu'allimuna jalasu", alhali malaman da suka zauna su ɗin ne dai?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah. Ta farko jumla fi'iliyya ce, wato wadda ta fara da fi'ili. Ta biyu jumla ismiyya ce, wadda ta fara da suna.

Wajen tantancewa, rukunin jumla na farko ake dubawa, ko da wata kalma ta riga shi a baki. Haruffa irin su "ƙad" da "hal" ba a lissafa su. "Alkitaba ƙara'tu" fi'iliyya ce, domin "alkitaba" maf'uli ne da aka gabatar, fatahar ƙarshensa ita ce shaida. "Fil masjidi rajulun" kuwa ismiyya ce, "rajulun" mubtada'i ne da aka jinkirta.

Idan fi'ili ya gabata, yana zama a sigar tilo ko da fa'ilin biyu ne ko jam'i: "jalasal mu'allimu", "jalasal mu'allimaani", "jalasal mu'allimuna". Jinsi kaɗai yake bi, sai a ce "jalasatil mu'allimaatu". Dalili shi ne wawun da ke cikin "jalasu" lamiri ne, shi kansa fa'ili ne. Wanda ya ce "jalasul mu'allimuna" ya tara wa fi'ili ɗaya fa'ili biyu. An ruwaito irin wannan daga wasu ƙabilun Larabawa kamar Ɗayyi'u, amma ba a kansa ake koyarwa ba. A nan ɗalibi Bahaushe ya fi tuntuɓe, saboda a harshenmu "malamai sun zauna" ake cewa, ba a rabuwa da "sun".

Idan suna ya gabata, ya zama mubtada'i a wurin malaman Basra, fi'ilin kuma yana bukatar fa'ilinsa, wato lamirin da ke komawa ga mubtada'in. Dole lamirin ya dace da shi a adadi da jinsi: "almu'allimaani jalasaa", "almu'allimuna jalasu", "almu'allimaatu jalasna". Malaman Kufa sun yarda fa'ili ya gabaci fi'ilinsa, sai dai ra'ayin Basra ne ya yaɗu a littattafan koyarwa.

Jinsi ma yana tsananta. Kalmar "shamsu" tamata ce a lafazin Larabawa kawai, ba mace ce ta haƙiƙa ba. Don haka "ɗala'atish shamsu" da "ɗala'ash shamsu" duk sun halatta. Da zarar an gabatar da ita, "ashshamsu ɗala'at" kaɗai ya inganta, domin fa'ilin ya koma lamiri. Jam'in abin da ba shi da hankali kuma galibi ana ɗaukarsa kamar mace ɗaya: "alkutubu wasalat", ba a cewa "wasalu".

Allah ne Mafi sani.