Yadda ake karanta takardar biyan murabaha, da abin da ya raba ta da ta bashin ruwa

Jama'a masu saurare na Sabon Gari, Tibiri da Jiratawa, da ƴan uwa na ƙetare masu aiko kuɗin biya: murabaha ciniki ce. Banki, irin su Bankin Musulunci na Nijar (BIN), shi ke sayen kayan, ya mallake su, sannan ya sayar maka da riba sananniya, kana biya wata-wata. Babban bankin BCEAO ya fitar da ƙa'idojin wannan harka a 2018.

Ga misali. Ɗan kabu-kabu na son moto, banki ya saye ta jikka 500, ya ɗora ribar jikka 55. Farashi ya zama jikka 555, a biya cikin wata 10, wato jikka 55 da rabi kowane wata. A takardar, fara neman lambobi uku: kuɗin saye, riba da farashin sayarwa. Sai ka bi layi-layi, ka ga ranar biya, abin da za ka zuba da abin da ya rage. Bayan zubi na huɗu ka biya jikka 222, saura 333. In ka tara zubin duka ya wuce 555, tambayi dalili, don kuɗin buɗe takardu, inshora da haraji kan zo daban.

Shi kuwa bashin ruwa, kuɗi ake ba ka. A ce jikka 500 ne, ruwa kashi 2 cikin ɗari a wata bisa abin da ya rage, kana rage uwar kuɗi jikka 50 duk wata. Watan farko ruwan jikka 10 ne, ka zuba 60. Na biyu 59. Na ƙarshe 51. Ruwan duka jikka 55, daidai da ribar can. Ashe ba arha ce ta raba su ba.

Ranar da aka makara ake ganin bambanci. Ruwa yana ci gaba da hawa muddin bashi na nan. Farashin murabaha kuwa ba ya ƙaruwa bayan sa hannu. In akwai tarar jinkiri, sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Sai dai wanda ya biya da wuri a bashin ruwa yakan tsira daga ruwan sauran watanni, ko da wani lokaci da ɗan caji, alhali a murabaha rangwame ganin damar banki ne.

A kula: in an damƙa maka kuɗi ka yi yadda kake so, ko an sa ka sa hannu kan sayarwa tun banki bai mallaki motar ba, to a dakata. Nemi rasiɗin saye da sunan banki a kai.