Daga aji zuwa furoje: yadda malamin lakwal yake rubuta CV na neman aikin tsara ayyuka

A cikin sanarwar ɗaukar ma'aikata da ƙungiyoyi masu zaman kansu suke fitarwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ana yawan ganin muƙamai uku: "assistant de projet", "chargé de projet" da "coordinateur de projet". Dukkansu aikin tsara furoje ne, sai dai mataki ya bambanta. Mai riƙe da irin wannan aiki shi ne yake duba cewa abin da aka tsara an yi shi a kan lokaci, da kuɗin da aka ware masa, kuma akwai takardar da ke nuna an yi. Malaman lakwal da dama, musamman ƴan kwantaragi, suna ajiye takardunsu a kan waɗannan gurabe, amma da yawa ba a ko kiran su ganawa. Sau da yawa matsalar tana cikin takardar CV ɗin kanta, wadda take faɗin ajin da malami ya riƙe, ta yi shiru a kan aikin da ya gudanar.

Abin da mai tantancewa yake nema

Wanda yake tace takardu yana da sanarwar a gabansa, kuma galibi yana da jadawalin maki da aka ciro daga cikinta. Yana neman alamar abubuwa kaɗan: mutum ya taɓa tsara aiki ya bi shi har ƙarshe, ya taɓa riƙe kuɗi ko kayan da ba nasa ba ya ba da lissafi, ya taɓa rubuta rahoto, ya iya zama da maigari da magajin gari da ma'aikatan gwamnati a samu matsaya. Idan ya karanta layin da ke cewa "malamin CM2, shekara 8", babu wurin da zai sa maki, ko da ya san wahalar riƙe aji mai yara 70. Haka nan kalmomi irin su haƙuri, iya magana da son aiki tare da jama'a: kowa yana rubuta su, don haka ba su bambanta kowa.

Aikin da ke wajen aji ya fi nauyi

Nan ne malamai suke yawan kuskure. Suna tsammanin koyarwar ce babbar hujjarsu, sai su cika shafi da shirya darasi da gyaran kaye. Gaskiya shirya darasi yana kama da tsara aiki: akwai manufa, akwai lokaci, akwai gwaji a ƙarshe. Amma kamannin na nesa ne, kuma mai tantancewa ya san haka. Hujja mai ƙarfi tana cikin ayyukan da malami yake ɗauka kamar ɗawainiya ce kawai aka ɗora masa.

Na farko shi ne kwamitin kula da makaranta, wanda aka fara sani da COGES, yanzu ake ce masa CGDES. Tsarin ya samu ƙarfi ne da furojen "École pour tous" na hukumar haɗin gwiwa ta Japan, wato JICA, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004 kafin ya yaɗu a ƙasa. Abin da kwamitin yake yi kowace shekara ƙaramin furoje ne cikakke: a tara mutanen gari a babban taro, a jera matsalolin makaranta, a zaɓi waɗanda za a iya magancewa, a rubuta tsarin aiki da kuɗin kowane abu da wanda zai ɗauki nauyinsa, a tara gudummawa, a yi aikin, sannan a dawo gaban taro a ba da lissafi. Daraktan makaranta ko malamin da ya riƙe rubutun wannan kwamiti ya riga ya bi zagayen da ƙungiyoyi suke koya wa sababbin ma'aikatansu, tun daga gano buƙata har zuwa rahoton ƙarshe.

Na biyu shi ne kantin ɗin makaranta, inda akwai shi. Wanda ya karɓi buhunan abinci ya sa hannu, ya riƙe littafin shiga da fita na magaza, ya lissafa rabon kowace rana bisa yawan yaran da suka zo, ya yi aikin kula da kaya ne, kuma ƙungiyoyin da ke rabon abinci ko iri suna neman daidai wannan. Sai jagorancin taron ƙara wa juna sani na malamai, wato CAPED, wanda yake hujjar horar da manya. Sai rahoton buɗe shekara da na rufe ta da ake kai wa sufeto, da alkaluman rajistar yara maza da mata. Aiki da ƙungiyar iyayen yara da ta uwaye mata shi ma yana shiga, idan akwai abin da ya haifar da za a iya ƙirgawa.

Misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki misalin wani malami a wani ƙauye na gundumar Madarumfa, wanda ya yi shekara 8 yana koyarwa, 3 na ƙarshe yana darakta. Ya ga sanarwar neman mataimakin furoje a fannin ilimin yara mata. CV ɗinsa na farko yana da layi biyu a ƙarƙashin wannan makaranta: ya koyar a CM1 da CM2, ya shugabanci makaranta.

Matakin farko ba rubutu ba ne. Zai ɗauko sanarwar ya ja layi a ƙarƙashin kowane aiki da aka ambata: bibiyar ayyuka a ƙauyuka, wayar da kan iyaye, tattara alkaluma, rahoton wata-wata. Sannan ya buɗe akwatin makaranta ya ciro littafin kwamiti, takardun taro da kwafin rahotanni, ya nemi abin da ya yi daidai da kowane layi. A ce ya tarar da haka: a shekara ɗaya kwamitin ya tsara ayyuka 7, ciki har da kafa azuzuwan zana 3 da gyaran tebura, an yi 6, ɗaya ya faɗi saboda kuɗi bai kai ba, an tara jika 365. Ya kuma ga a rajista cewa ƴan mata sun tashi daga 96 zuwa 131 cikin shekara biyu, bayan zagayen gida-gida da ya yi tare da uwaye mata kafin buɗe lakwal a watan Oktoba.

Da yake da Faransanci ake rubuta CV, layin kwamitin zai fito kamar haka:

"Élaboration et suivi du plan d'actions du CGDES : 7 activités prévues, 6 réalisées, 365 000 F CFA mobilisés."

Layin ya ƙunshi abu uku: aikin da ya yi, girmansa, da abin da ya fito. Bai ɓoye aikin da ya faɗi ba, kuma hakan ya fi masa. Shida cikin bakwai ya fi kama da gaskiya a kan ɗari bisa ɗari, sannan idan aka tambaye shi a ganawa me ya hana na bakwai, ya samu damar nuna cewa ya san yadda ake sake jera ayyuka idan kuɗi ya gaza. Layin ƴan matan kuma zai rubuta shi da taka-tsantsan: ya jagoranci wayar da kai tare da uwaye mata, rajista ta tashi daga 96 zuwa 131. Ba zai ce shi kaɗai ya jawo ƙarin ba, tunda damina mai kyau ko zuwan kantin na iya zama da hannu a ciki.

Waɗannan layuka su ne za su hau sama a ƙarƙashin sunan makarantar. Koyarwa ta koma layi ɗaya a ƙarshe. Shafi biyu sun isa, kuma kowace sanarwa tana buƙatar a sake jera layukan bisa abin da ta fi nema.

Inda fassara take komawa ƙarya

Akwai iyaka tsakanin bayyana aiki da kalmomin wani fanni da kuma canza masa suna. Muƙamin yana nan yadda yake a takardar shaidar aiki: malami ko darakta. Wanda ya rubuta "coordinateur" a maimakon darakta zai kama kansa da kansa ranar da aka nemi takardun asali, ko aka buga wa sufetonsa waya. Gwaji mai sauƙi shi ne: duk adadin da ke cikin CV, akwai takarda ko mutumin da zai tabbatar da shi? Idan babu, a cire shi. Wata alamar wuce gona da iri ita ce cusa kalmomin furoje da mutum bai taɓa aiki da su ba. Mai rubuta "cadre logique" a jerin abin da ya iya, za a iya miƙa masa takarda a ce ya bambanta sakamako da ma'aunin da ake auna shi, kuma minti biyu sun isa a gane.

Abin da aji bai koyar ba

Jika 365 na kwamitin ƙauye ba ɗaya ba ne da kasafin miliyoyi mai layuka daban-daban, inda ba a ɗebo daga wannan layi a zuba a wancan sai da izinin mai ba da kuɗi, kuma kowace dala sai da rasit. Dokokin sayen kaya, rahoto bisa tsarin mai ba da tallafi, aiki da Excel, tattara bayanai a waya da manhaja irin KoboCollect: waɗannan malami bai gamu da su a aji ba, kuma gyaran kalmomi ba ya cike gurbinsu. Excel da KoboCollect ana iya koyonsu a lokacin babban hutu, kuma ya fi kyau mutum ya gwada su a kan alkaluman makarantarsa, don ya samu abin nunawa. Sauran kuwa sai a cikin aiki.

Shi ya sa matakin da aka nema yake da muhimmanci. Gurbin "coordinateur" yawanci yana neman digirin jami'a da shekarun aiki a furoje, don haka takardar malamin da bai taɓa shiga fannin ba tana faɗuwa tun a tacewar farko. Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta mataimaki, ta mai wayar da kai ko ta mai sa ido a ƙauyuka, musamman a furojen ilimi, inda sanin sufetoci da kwamitoci da harshen mutanen yankin yake da daraja. A irin wannan gurbi lasisin tuƙin babur ma yana iya raba gardama, don haka a rubuta shi idan akwai.

Kafin a ajiye alli

Aikin furoje kusan kullum na wa'adi ne: wata 6, shekara ɗaya, wani lokaci biyu, kuma yana ƙarewa da ƙarewar kuɗin. Albashin na iya fin na koyarwa, amma tsakanin furoje da furoje ana iya yin watanni babu komai. Malamin da ya riga ya samu lambar ma'aikacin gwamnati yana da hanyar neman a dakatar masa da aiki na wani lokaci ba tare da albashi ba, abin da doka take kira "disponibilité", kuma sai an amince masa a rubuce kafin ya tafi. Wanda ya tafi haka kawai ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya gudu daga bakin aiki. Ɗan kwantaragi matsayinsa daban ne, don haka ya karanta sharuɗɗan barin aiki a takardar kwantaraginsa, kuma ya karɓi takardar shaidar aiki mai ɗauke da shekarunsa da muƙamansa tun yana ciki. Kwafin tsarin aikin kwamiti da na rahotannin da ya sa wa hannu su ma a lokacin ne suke da sauƙin samu, kafin makullin akwatin makaranta ya koma hannun wani darakta.