Ƙawancen Kalmomi da Ma'auninsa

A ilimin nazarin taskar rubutu, ƙawancen kalmomi shi ne yawan haɗuwar kalma da 'yar'uwarta fiye da abin da katari kaɗai zai haifar, kamar yadda "fat" ba ta rabuwa da "fari".

Ma'aunin MI, wanda Church da Hanks suka yaɗa a 1990, yana gwama haɗuwar da aka gani da wadda ake tsammani, amma illarsa ita ce fifita nadiran kalmomi. Alal misali, a taska mai kalma 1,000,000, kalmomi biyu da kowacce ta zo sau 1,000, suka haɗu sau 100 alhali ana tsammanin sau ɗaya, makinsu 6.6 ne, amma waɗansu biyun da kowacce ta zo sau ɗaya tak, kuma tare, ko da kuskuren ɗab'i ne, sai su sami kusan 20. Saboda haka wajibi ne mai bincike ya ƙayyade mafi ƙarancin adadi, ko ya haɗa da log-likelihood na Dunning (1993), wanda yake auna ƙarfin hujja.