Uwar Miji da Ba Ta Cikin Lissafi: Daga Tamil Nadu zuwa Bangaladash

A shekarar 1980 jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya ta ƙaddamar da shirin yaƙi da tamowa da tallafin Bankin Duniya. Tsarin mai sauƙi ne. Duk wata ana auna nauyin ƙananan yara, a koya wa iyaye mata dabarun ciyarwa, yaron da girmansa ya tsaya kuma a ba shi ƙarin abinci na wani lokaci. Tamowa mai tsanani ta ragu a yankunan shirin, har ya zama abin misali.

A 1995 Bangaladash ta fara nata shirin bisa wannan tsari. A ido, babu dalilin shakka: talauci iri ɗaya, shinkafa ce cimaka, kuma maƙwabta ne. Amma a 2003 ƙungiyar Save the Children ta kwatanta yankunan shirin da waɗanda bai shiga ba, ba ta ga bambancin kirki a tamowar yara ba. Daga baya sashen tantance ayyuka na Bankin Duniya ya bi diddigi, shi ma ya tarar tasirin kaɗan ne.

Abin lura shi ne inda igiyar ta tsinke. Mata sun kai yara awo, kuma sun fahimci darasin. Sai dai shirin ya ginu kan wani zato da ba a rubuta ba, wato uwa ce ke yanke shawarar abin da ɗanta zai ci. A ƙauyukan Bangaladash maza ne ke zuwa kasuwa yin cefane, a gidan gandu kuwa uwar miji ce ke da ta cewa kan tukunya. An ilimantar da wadda ba ta da wuƙa, ba ta da nama. Ƙarin abincin ma wani lokaci yakan maye gurbin abincin gida ne kawai, ko a raba shi da sauran 'yan gida.

Tun a 1957 Donald Campbell ya raba tambayoyi biyu: shin abin da aka gwada ne ya haifar da sakamakon a wurin gwajin, sannan shin sakamakon zai tabbata a wani wuri? Hujjar farko, komai ƙarfinta, ba ta amsa ta biyu. Nancy Cartwright da Jeremy Hardie sun ɗauki labarin Bangaladash misali a littafinsu na 2012, suna nuna cewa shiri ba ya aiki shi kaɗai sai da sharuɗɗan da ke tallafa masa.

Da an zayyana matakan tun farko, daga awo zuwa darasi, zuwa cefane, zuwa bakin yaro, aka tambayi wa ke riƙe da kowane mataki, da ɗan zama da matan ƙauye ya fallasa giɓin. Maimaita gwajin sau goma a Tamil Nadu ba zai nuna shi ba, domin amsar tana cikin gidajen Bangaladash.